Shekara goma da aure: yadda za ka rubuta wa matarka 'yan layuka a ƙasan hoto, ta yi dariya kuma ta ji a ranta

Wani abokina malamin makaranta a Zariya ya miƙo mini wayarsa bayan sallar isha'i, ya ce in duba masa wani rubutu. Saura kwana biyu su cika shekara goma da aure, yana so ya ɗora hotonsu da iyalinsa, ya sa 'yan kalmomi a ƙasa. Ga abin da ya rubuta: "Shekara goma cif da aurenmu. Ke ce hasken rayuwata, tauraruwar zuciyata. Allah ya bar mu tare." Na karanta, na tambaye shi ko da zai tura wa wata mace daban wannan saƙo, akwai kalmar da sai ya canza? Ya yi shiru, ya sake dubawa, ya ce babu. To, matsalar ke nan. Saƙon da zai dace da kowace mace ba na matarka ba ne, kuma ita ce za ta fara gane haka, don ta ga irinsa sau ɗari a wayoyin ƙawayenta.

Muka zauna muka sake shi daga tushe. Yadda muka bi shi ne zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: tabbatar da ranar

Kada ka yi dariya, nan maza da yawa suke faɗuwa. Aurenmu yana da ranaku fiye da ɗaya: akwai ranar ɗaurin aure, akwai ranar kai amarya, wani lokaci ma tarewar sai bayan makonni. Kai kana iya riƙe ranar da aka shafa Fatiha don kana wurin, ita kuma ta riƙe daren da aka kawo ta tana kuka. Ka nemo katin gayyata idan yana nan, ko ka duba kwanan watan da ke jikin kalanda da sauran kayan da aka raba a biki.

Sannan da wane lissafi kuke ƙirgawa? Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka a shekara goma tazarar ta haura wata uku da rabi. An ɗaura auren abokina ranar Asabar, 26 ga Disamba 2015, wanda ya faɗo cikin Rabi'ul Awwal na 1437. A lissafin Hijira sun cika goma tun farkon Satumba na 2025, a na Miladiyya kuwa sai ƙarshen Disamba. Kowanne daidai ne, amma ka bi wanda ita take bi. Mu mun ƙirga kwanakin ma: shekara goma kwana 3,650 ne, ka ƙara kwana uku saboda Fabrairun 2016 da 2020 da 2024 da suka yi kwana 29, ya zama 3,653. Wannan adadi ya yi mana amfani daga baya, domin mutumin da ya zauna ya ƙirga kwanaki ya riga ya faɗi wani abu kafin ya buɗe baki.

Mataki na biyu: wa zai gani?

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san inda za ka ɗora. Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, kuma rubutu zalla ba ya wuce haruffa 700, amma masu ganinsa su ne mutanen da ke cikin wayarka: surukinka, yayyen matarka, limamin unguwa, shugabanka a wurin aiki. Facebook da Instagram kuwa abin yana zama, baƙi ma suna gani, kuma layin farko ko biyu kaɗai ke fitowa kafin a danna "See more" a Facebook ko "more" a Instagram. Saboda haka duk abin da ya fi daɗi a sa shi a sama.

Ma'aunin da nake ba kowa shi ne: za ka iya karanta wannan da ƙarfi mahaifinta yana zaune? Idan kunya za ta hana ka, ba na ƙasan hoto ba ne, na saƙon da za ka tura mata ita kaɗai ne. A WhatsApp kana iya shiga Status privacy ka zaɓi "My contacts except…" ka cire manya, ko "Only share with…" ka bar 'yan kaɗan. Sai dai ka sani, duk abin da mutum biyu suka gani, na uku zai iya samun hotonsa.

Hoton ma sai ka nemi izininta. Wata ba ta son fuskarta a waje ko kaɗan, saboda addini ko saboda gudun bakin mutane. Ba dole ne a ga fuska ba. Hannayenku biyu, tsohon katin gayyata, kofunan shayi biyu a kan tire, duk suna yi. Akwai kuma gidajen da ba sa raya irin wannan rana sam, bisa fahimtar malamansu. Idan gidanku ko gidan su matar haka yake, ka ajiye maganar biki, ka rubuta mata godiya tsakaninku, abin da zan faɗa a ƙasa bai canza ba.

Mataki na uku: tono abubuwa uku da ku kaɗai kuka sani

Nan ne ainihin aikin, kuma nan muka fi daɗewa. Na ce wa abokina ya ajiye waya ya ɗauki takarda. Ba siffofi nake so ba, irin su "mai haƙuri", "mai tarbiyya", "mai biyayya". Abin da ya faru nake so, da wuri da lokaci. Na jero masa tambayoyi. Wane gida kuka fara zama, me ke damunku a cikinsa? Wace rana ce ka yi abin kunya a gabanta ta rufa maka asiri? Wane abu ne ta yi maka da har yau ba ka yi mata godiya ba?

Idan ƙwaƙwalwa ta cije, a bi manyan abubuwan da suka faru a ƙasa, su ne turakun da ake ɗaure tunani. Duk wanda ya yi aure a 2015 ya ratsa kullen korona na 2020 tare da matarsa a gida ɗaya, ba fita ba shiga. Ya ratsa wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma babu na cefane a hannu. Ya ga yadda cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na wannan shekarar ya taɓa tukunyar kowa. Ka tambayi kanka, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan, me ya faru a ɗakinmu?

Da na ambaci kulle sai ya fashe da dariya. Ashe a lokacin, zaman gida ya ishe shi, ya ce yau shi zai tuƙa tuwon masara. Bai iya talge ba, ya zuba gari a ruwan da bai tafasa ba, abu ya fito rabi gudaji rabi kunu. Matar ta ci nata tas, ta ce "ba laifi". Wannan na ɗaya.

Na biyu ya fito da ƙyar, sai da muryarsa ta sauya. Mahaifiyarsa ta yi jinya a gidansu a lokacin zafi. Wani dare babu wuta, ya farka wajen ƙarfe uku, ya leƙa ɗakin Hajiya, ya tarar da matarsa zaune tana yi mata fifita da mafici. Ya koma ya kwanta bai ce komai ba, kuma har ranar da muke magana bai taɓa ɗaga zancen ba.

Na uku shi ne babur ɗinsa na farko da yake mutuwa a hanyar Samaru, su sauka su tura. Muka ajiye shi. Ba don ba shi da daɗi ba, sai don wuri ba zai ɗauki uku ba. Ɗaya na dariya, ɗaya na zuciya, sun isa. Na ukun a bar shi don hirar dare.

Mataki na huɗu: wasan ya faɗa kanka

Wannan ita ce ƙa'idar da idan ka riƙe ta kaɗai ma ka tsira: dariya a kanka, yabo a kanta. Kai ne wanda bai iya tuwo ba, kai ne mai minshari, kai ne ka zo zance da aron takalmi. Dalili kuwa, kai ka zaɓi fitowa fili, ita ba ta zaɓa ba. Abin da za ta yi dariya a kansa a tsakar gida, idan ta gan shi a gaban mutum ɗari biyar ya zama tonon silili.

Akwai wasannin da maza suke ganin ba komai, alhali nan ne rikici yake. Babbansu zancen ƙarin aure. "Shekara goma, lokaci ya yi da za a samo miki ƙanwa." Abokanka za su cika wurin da dariya, wasu har su fara kawo sunaye, ita kuma ta kwana da abin a rai a daren da ya kamata ya zama nata. Haka zancen ƙiba ko rama, da shekarunta, da girkinta, da son kuɗi, da danginta. Zancen haihuwa kuma, idan Allah bai kawo ba tukuna ko an yi rashi, ko kusa da shi kada wasa ya je. Sirrin shimfiɗa ba sai an faɗa ba, addini ma ya yi hani mai tsanani a kan yaɗa shi.

Idan kuna da wasan gargajiya a tsakaninku, kun samu a sama. Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, ko kuma auren zumunci inda kuke taubasai. Kowa ya san wasa ne, babu mai ɗauka da zafi. Abokina Bazazzagi ne, matar Bakanuwa, sai muka shiga ta nan. Amma ko a nan ma muka juya wasan yadda a ƙarshe Kanawa ne suka ci riba.

Wata dabara mai sauƙi ita ce yi mata magana da harshen fada: "ranki ya daɗe", "a gafarce ni", "talakanki na gaisuwa". Miji ya durƙusa da baki a gaban matarsa abin dariya ne, kuma girmamawa ce, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Mataki na biyar: sunan da za ka kira ta

Ka yi amfani da wanda kake kiranta da shi a gaban mutane. Yawanci "Maman wane" ne, ko laƙabin da gida ya sani. Sunan da kake kiranta da shi ku biyu, bar shi inda yake. Ka yi hattara da "uwargida" ita kaɗai idan matarka ɗaya ce, domin ba za a yi minti biyar ba wani zai rubuta "saura amarya". Masu wayo sukan toshe ƙofar da kansu, su ce "uwargida kuma amarya". Mai mata fiye da ɗaya kuwa ya tuna cewa abokiyar zamanta ma za ta karanta. Kada ya rubuta "babu kamarki", kuma abin da ya yi wa wannan ya shirya yi wa waccan idan ranarta ta zo.

Mataki na shida: jera su

Tsarin da ya fi zama shi ne kira, sai wasa, sai juyi zuwa maganar gaske, sai addu'a, sai ɗan wasa kaɗan a rufe. Wasan yana gaba don ya buɗe zuciya, kuma ya sauƙaƙa wa namijin da bai saba irin wannan magana ba. Juyin shi ne wuri mafi wuya. Jimla ɗaya gajera ta isa, wadda za ta nuna an daina dariya: "Amma akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba." Daga nan ka faɗi abin da ya faru kawai, yadda ya faru, kada ka yi masa ado. Fifita da ƙarfe uku na dare ba ta bukatar a ƙara mata "haƙiƙa ke mace ce ta gari". Mai karatu zai kai can da kansa.

Kalmar haƙuri kuma a yi ta sau ɗaya, ko a bar ta. Na sha ganin saƙon da ya ce ta yi haƙuri da shi, ta jure, ta danne, ta kau da kai, har mai karatu ya fara tambayar wace irin azaba ake sha a gidan nan. Haka karin magana irin "zo mu zauna, zo mu saɓa". Gaskiya ce, amma ranar murna ba ranar tuna wa duniya cewa kuna faɗa ba ce.

Addu'a ta zama taku. "Allah ya bar mu tare" ba laifi, sai dai ka ƙara abin da ya shafe ta: iyayenta da suka ba ka ita, 'ya'yanku, sana'arta ko karatunta. Idan kana son aya, ta 21 a Suratur Rum ita ce ke maganar natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, ambatonta a taƙaice ya wadatar, kada saƙon ya koma wa'azi. Mutane da yawa suna sa "Masha Allah" saboda baki, wannan ma wuri ɗaya ya isa.

Ga abin da muka fitar a ƙarshe:

"Maman Ummi, ranki ya daɗe. Yau kwana 3,653 da Kanawa suka ɗauki 'yarsu guda suka ba Bazazzagi amana. Ban san wanda ya ba su wannan shawara ba, amma Allah ya saka masa da alheri.

A duk kwanakin nan sau ɗaya tak na tuƙa miki tuwo, lokacin kulle. Rabi gudaji, rabi kunu. Kika cinye naki, kika ce ba laifi. Ranar na yarda Kanawa sun fi mu iya rufin asiri.

Amma akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin jinyar Hajiya, wani dare babu wuta, na farka ƙarfe uku na gan ki zaune kina yi mata fifita, ga goyo a bayanki. Na koma na kwanta ban ce komai ba. Yau nake cewa na gode.

Allah ya saka wa Baba da Umma da alheri, ya raya mana Ummi da ƙannenta, ya sa ke ce matata har a Aljanna. Tuwo kuma na tuba, ba zan ƙara ba."

Ka lura babu "ina son ki" a ciki, kuma babu wanda zai karanta ya ce bai ji ta ba. Wanda bakinsa ya saba da faɗin ta ya sa, ba haramun ba ne. Amma ga yawancinmu, musamman inda surukai ke kallo, labarin ya fi kalmar nauyi.

Don Status muka yi gajere, saboda rubutu mai tsawo a kan hoto yana rufe hoton, kuma mutane ba sa tsayawa: "Shekara goma, Maman Ummi. Kin ci tuwona mai gudaji kin ce ba laifi, kin yi jinyar mahaifiyata kamar taki. Na farkon na tuba, na biyun Allah ne kaɗai zai biya ki."

Mataki na bakwai: gyaran rubutu

Ka sa madannin Hausa a wayarka. A Gboard ana ƙara shi ta Settings, sai Languages, sai Add keyboard, ka nemo Hausa, daga nan za ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Ba ƙawa ba ce kawai. Wanda ya so ya ce yana ƙishin ganinta ya rubuta "kishin", ya shigo da kishi cikin saƙon soyayya. Baki da baƙi ma haka. Ka guji gajarce kalmomi irin na hira, kada ka haɗe "na gode" ko "ba ni da" wuri ɗaya. Alamomin zuciya da fure guda ɗaya ko biyu sun isa.

Sannan ka karanta da ƙarfi. Duk jimlar da harshenka ya yi tuntuɓe a kanta, ko ka ji ba haka kake magana ba, cire ta. Nan ne ake kama kalmomin aro irin "sarauniyar birnin zuciyata". Idan ba ka taɓa faɗa mata haka a shekara goma ba, za ta san daga wani wuri ka kwaso.

Mataki na takwas: ita za ta fara gani

Kada matarka ta ji labarin saƙonka daga bakin ƙawarta. Ka tura mata tun da safe, ko ka miƙa mata wayar ka tsaya tana karantawa, sannan ka tambaye ta ko a ɗora. Idan kana son ba-zata, ba-zatar ta kasance tsakaninku, ba a gaban jama'a ba.

Amfanin wannan ya fito a wurin abokina. A rubutunmu na farko cewa muka yi "kina da ciki wata bakwai", don a zatonsa haka ne. Da ta karanta, ta yi dariya a wurin tuwo har da riƙe ciki, ta yi shiru a wurin fifita, can ta ce abu biyu. Na ɗaya, zancen ciki ba ya fita waje, yayyenta maza suna gani. Na biyu, ba ma ciki ba ne a lokacin, ta riga ta haihu, goyo take yi. Ya gyara nan take, shi ya sa ka ga "ga goyo a bayanki" a sama.

Bayan an ɗora, sauran aikin shi ne tsaron wurin sharhi. Mai addu'a a ce masa amin. Abokin da ya zo da zancen "saura ta biyu" kada ka sa masa alamar dariya, don ita ma tana duba wanda ka yi wa dariya. Ka share, ko ka ba shi amsa gajera a cikin wasa. Abokina ya samu irin wannan kafin azahar, daga wani abokin aikinsa. Ya rubuta masa: "Malam, wanda bai iya tuwon mutum biyu ba, ina shi ina na uku?"